Suna Ɗaya Ko Biyu Ga Zangon 2.4 Da Zangon 5?

"Maigida, jiya na ga ka bai wa zangon 2.4 da zangon 5 na waifai suna ɗaya a gidan da muka yi aiki, alhali rautar ta zo da sunaye biyu daga kwali. Wanne ne daidai? In ni kaɗai aka tura, yaya zan yanke?"

To, yarona, ka fara da suna ɗaya. Sai ka ga dalili da idonka sannan ka raba. Amma ba na so ka riƙe wannan kamar hadda, don ranar da ka ci karo da gidan da ya ƙi, sanin dalilin ne zai fisshe ka.

Abin da yawancin masu koyo ba su lura da shi ba shi ne, ba rauta ce ke zaɓa wa waya zangon da za ta hau ba. Wayar ce ke zaɓa. Rauta tana iya ba ta shawara, tana iya jan ƙafa wajen amsa mata a zangon 2.4 ko ta haƙura ta koma 5, amma hukuncin ƙarshe na wayar ne. Sunan da ka rubuta a gurbin `SSID` shi ke nuna wa wayar iyakar inda za ta yi wannan zaɓi. In zangon biyu suna ɗaya gare su, tana ɗaukarsu gida ɗaya mai ƙofa biyu, ta bi wadda ta fi mata sauƙi ba tare da mai ita ya sani ba. In sunayen sun bambanta, a wurinta gidaje biyu ne daban, kuma waya ba ta cika barin gidan da take ciki ba muddin bai kore ta ba.

Ka tuna halin kowane zango. Na 2.4 yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma hanyarsa ƙunci gare ta: tashoshi uku kacal ne ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma maƙwabta duk a nan suke cunkushe. Na 5 yana da tashoshi da yawa da gudu sosai, amma bango biyu na siminti sun isa su karya masa lago. Saboda haka wayar da ke yawo a hannun mutum daga falo zuwa ɗaki tana bukatar dukkansu, kowanne a inda ya fi ƙarfi.

Bari in ba ka labarin gidan da ya koya mini wannan, tun ina sabon shiga harkar. Gida ne mai ɗakuna huɗu, rauta ɗaya a falo. Na raba sunayen, na kira ɗaya `Gida` ɗaya kuma `Gida_5G`, na sa wa mai gidan na biyun a wayarsa, na ce masa shi ne mai gudu. Bayan kwana biyu ya kira ni, ya ce waifai ba ya aiki a ɗakin kwanansa. Na koma na auna. A falo zangon 5 yana ba da -48 dBm, ƙarfi sosai, don a wannan ma'auni na ƙarfin waifai lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi. A ɗakin kwana ya faɗi zuwa -79, wayar tana maƙale da shi da kyar, shafi ba ya buɗewa. A wannan ɗakin dai, zangon 2.4 yana nan a -63, wanda ya isa kira da kallon bidiyo lafiya lau. Waifai mai kyau na cikin ɗakin, amma wayar ba ta san kalmar sirrinsa ba.

Sai na sa masa ɗaya sunan, wato `Gida`, shi ma, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe wata ta biyo baya. Duk lokacin da ya dawo gida, tun daga bakin ƙofar waje wayar take fara jin `Gida`, tunda shi ne ke kai wa can. Ta kama shi, ta shiga falo, ta zauna gab da rautar, amma ba ta saki ba, don a ganinta babu abin da ya lalace. Haka yake kwana a zango mai cunkoso, mai gudun kuma na gefensa ba kowa a kai. Ranar da na mayar da sunan ɗaya, duka matsalolin biyu suka kau.

Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Kamfanin `Apple`, a shawarwarinsa na saita rauta, cewa ya yi a bai wa dukkan zangunan suna ɗaya. Ya kuma bayyana cewa wayarsa tana fara neman wurin komawa ne idan ƙarfin ya sauka zuwa -70 dBm. Ka riƙe wannan lamba, za ta yi maka amfani wajen awo.

Sai dai rubuta suna ɗaya ba shi ne ƙarshen aikin ba, kuma a nan ne da yawa ke yin sakaci. Dole kalmar sirri ta zama ɗaya, nau'in tsaron ma ya zama ɗaya. In ka sa `WPA2` a wannan zango ka sa `WPA3` a wancan da suna iri ɗaya, wasu na'urori za su riƙa rikicewa suna yankewa. Bayan wannan sai batun ƙarfi. Ko a fili babu bango, zangon 5 yana isa wurin waya da rauni na kusan 6 dB idan aka kwatanta da 2.4, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin kenan. Wayar da ke bin wanda ya fi ƙarfi kawai, kullum 2.4 za ta riƙa zaɓa. Shi ya sa ka gan ni jiya na shiga `Transmit Power` na bar na 5 a `High`, na sauke na 2.4 zuwa `Medium`. Amma ban bar gidan ba sai da na je kusurwa mafi nisa na tabbatar har yanzu 2.4 yana kai wa can, don in ka sauke shi da yawa, na'urar da ke nesa ce za ta fara mutuwa.

Kada ka yarda da zato, ka duba inda na'urar ta hau. A kwamfuta mai `Windows` ka buga:

```
netsh wlan show interfaces
```

Ka dubi layin `Channel`. In lambar tana tsakanin 1 da 13, kana kan 2.4. In 36 ce ko sama da haka, kana kan 5. Ka yi wannan a falo, ka yi a ɗaki mafi nisa, ka dawo falo ka ɗan jira ka sake dubawa. Komawa 5 bayan ta sauka 2.4 takan ɗauki lokaci, wasu wayoyin sai an kashe waifai an kunna. Wannan ne raunin suna ɗaya, kuma gara ka faɗa wa mai gida gaskiya a kai.

Yanzu inda ake rabawa. Wanda za ka fi haɗuwa da shi shi ne ƙananan na'urori: kyamarar tsaro, soket da kwan fitila masu haɗuwa da waifai, tsohuwar firinta. Da yawansu ba su da rediyon zangon 5 kwata-kwata. Mutane sukan ce irin waɗannan ba sa aiki da suna ɗaya, amma a mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Na'urar ba ta ma jin zangon 5, na 2.4 kaɗai take gani, kuma za ta zauna a kai lafiya. Inda ake samun cikas shi ne ranar haɗa ta da farko. Manhajar da ke kan waya ce ke miƙa mata suna da kalmar sirri, wasu manhajojin kuma in suka ga wayar tana kan 5 sai su ƙi ci gaba, ko saƙon ya tafi ta zangon da na'urar ba ta ji. Maganinsa ba ya kai minti goma: ka kashe zangon 5 a rautar, ka haɗa na'urar, ka ga ta hau, sannan ka kunna shi. Ta riga ta riƙe sunan, ba za ta sake tambaya ba. Ba sai ka sauya wa gida gaba ɗaya tsari saboda soket ɗaya ba.

In kuma bayan an haɗa ta tana ta faɗuwa tana tashi, ka fara zargin tsarin tura na'urori da ke cikin rautar, wanda za ka gani da sunan `Smart Connect` ko `Band Steering`. Wasu rautocin suna matsawa fiye da kima, har su yanke na'ura don su tilasta mata komawa 5. Ga abin da nake yi, kuma ka riƙe shi da kyau: kashe wannan tsari daban, raba suna daban. A rautoci da yawa kana iya kashe shi, gurabe biyu su bayyana, ka rubuta suna iri ɗaya da hannunka a kowanne, harafi da harafi, har babba da ƙarami. Ka samu suna ɗaya kenan ba tare da rautar tana tsoma baki ba. Sau da yawa a nan matsalar ke tsayawa.

In ba ta tsaya ba, ko kuma gidan yana da irin waɗannan na'urori birjik, nakan bar babban sunan yadda yake a zango biyun, in ƙirƙiri wani suna dabam a 2.4 kaɗai, da `WPA2`, in kwashe su duka in zuba a can. Mutanen gida ba ruwansu da shi. Abu ɗaya za ka kiyaye: in ta hanyar waifan baƙi, wato `Guest Network`, ka yi wannan, ka duba ko rautar ta katange shi daga sauran gidan. In ta katange, waya ba za ta ga firinta ba ko da suna ɗaki ɗaya, kai kuma ka yi ta neman laifi a wurin da babu.

Akwai kuma na'urar da ba ta motsi amma tana cin gudu, kamar talabijin mai intanet da ke kusa da rauta amma ya nace sai 2.4. Shi kam in igiya za ta kai, ka ja masa igiya, ka huta. In ba za ta kai ba, sannan ka ba shi suna na musamman a zangon 5 kaɗai, kada ka koya masa wani sunan. Amma ka auna a bayan talabijin ɗin tukuna. In ka samu -65 ko abin da ya fi haka kyau, ka ɗaure shi a can. In ya kusa -72, ka bar shi ya zaɓa da kansa, domin ɗaure shi a zango mai rauni ya fi barinsa a 2.4 muni.

In dai ka raba, kada ka sa `5G` a ƙarshen sunan. Mutane suna ɗaukarsa 5G ta layin waya, su yi ta tambayarka dalilin da ya sa wayarsu ba ta nuna shi a sama. Ka rubuta `Gida_TV` ko wani abu da ke faɗin aikinsa. Kuma duk ranar da za ka haɗe sunaye biyu a gidan da aka riga aka raba, ka riƙe sunan 2.4 da kalmar sirrinsa, shi za ka ɗora wa zangon 5. Kyamarori da soket duk wannan sunan suka sani, za su ci gaba da aiki ba ka taɓa su ba. Wayoyin gidan ne kawai za ka bi ka goge musu tsohon sunan 5 ɗin.