Kuɗin da ya fita ranar 31 ya shiga ranar 2

"Abokin cinikinmu ya turo mana hoton shaidar biyan 450,000 ranar 31 ga wata, amma har yanzu kuɗin bai bayyana a asusunmu ba. In rufe daftarinsa a matsayin an biya ne, ko in bar shi?"

Ka bar shi a buɗe, ɗan'uwa. Hoton yana nuna an ba banki umarnin tura kuɗi ne kawai, kuma umarni yakan maƙale ko a mayar wa mai shi kuɗinsa. Abin da za ka dogara da shi shi ne bayanin asusunku daga banki zuwa daren 31. In 450,000 ɗin ba ya ciki, mutumin yana cikin waɗanda kuke bi bashi a wannan watan, sai ka rubuta a gefen sunansa cewa kuɗi na hanya, tare da lambar turawar.

Idan ya shigo ranar 2, duba adadin da kyau. Wani lokaci za ka ga ya ragu, misali 448,500, saboda bankunan da ya bi ta kansu sun cire ladansu. Kada ka bar ragowar 1,500 tana reto a daftarin wata da watanni. Yarjejeniyarku za ta faɗi wanda zai ɗauka: in ku ne, shigar da ita a cajin banki ka rufe daftarin, in shi ne, ya ciko.

In kuwa an kwana uku na aiki shiru, abokin cinikin ya kai wa bankinsa lambar turawar su bi sawu.