Amsa: Taƙaita wa'azi ba tare da sa baki ba

"Jama'a, an ba ni faifan wa'azin wani malami da aka ɗauka a nan Garwa, rabinsa Fulatanci ne, wai in taƙaita shi da Hausa. Yaya zan yi kada ra'ayina ya shiga?"

Ɗan'uwa, Allah Ya saka da alheri. Ka fara saurare har ƙarshe ba ka rubuta komai ba, domin malami kan kawo hukunci a farko, can gaba ya sa masa sharaɗi. A sauraro na biyu sai ka riƙa rubuta mintin kowace magana.

Inda aka fi zamewa shi ne ƙarfin hukunci. Ni kaina na taɓa faɗawa ciki. Malam ya ce sayar da gero a kan bashi tare da ƙarin farashi "malamai sun saɓa, amma barinsa ya fi", ni kuwa na rubuta "Malam ya hana". Da na koma minti na 23 sai na ji bai ce haramun ba, ra'ayina ne ya shige. Saboda haka kalmomin wajibi, mustahabbi, makaruhi da haramun ka bar su yadda ya furta su, ko da cikin Fulatanci ya yi sauran bayanin.

Haka nan in ya ce "wasu na cewa", kada ka mayar da ita maganarsa, wataƙila ma raddi zai yi mata. Hadisin da bai faɗi mai ruwayarsa ba, kada ka ƙara "Buhari" daga kanka. Inda sauti ya shaƙe, rubuta "nan ba a ji ba". Kafin ka tura wa mutane, ka ba wani almajirinsa ya karanta yana sauraron faifan.