An sa ni alƙalancin muhawarar ɗalibai, ina tsoron in zalunci wani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a sakandaren 'yan mata. An ba ni alƙalancin muhawara mako mai zuwa, takardar makin kuwa gida huɗu ce: hujja, raddi, haɗin kai da salon magana. Bara yarinyar da ta fi kowa Turanci ta faɗi, har iyaye suka zo ƙorafi. Yaya zan yi kada in ci haƙƙin kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ranar, ku zauna da sauran alƙalai ku raba maki 100 ɗin, a kuma karanta wa ɗalibai. Ni nakan ba hujja 40, raddi 30, salon magana 20, haɗin kai 10. Raddi da haɗin kai na ƙungiya ne gaba ɗaya, domin wadda ta buɗe fage ba ta ji komai ba tukuna balle ta mayar da martani.

Abin da ya kawo iyayen nan kuwa, kusan duk inda na je alƙalanci sai na tarar da shi. Mutane sun ɗauka muhawara gasar Turanci ce. Yarinya ta miƙe ta kwashe minti guda cikin biyar tana gaida shugaban taro, alƙalai, mai duba agogo da 'yan kallo, ta zubo manyan kalmomin da wani malami ya rubuta mata ta haddace, ta buga tebur, zaure ya kaure da tafi. Sai alƙali ya cika mata kowane gida, har na raddi, alhali ba ta taɓa maganar abokan karawarta ba ko sau ɗaya. Masu sayar wa yara jawabin hadda su suka ɓata harkar nan, da alƙalan da ake ɗaukowa da safe don kawai suna jin Turanci. Zaƙin baki gidansa ɗaya ne a takardarki. Ko a tsarin gasar muhawarar makarantu ta duniya, inda salo ke da 40, abin da aka faɗa 40, dabara 20, ba a rage wa mutum maki don karin harshensa.

Maganin abin shi ne ki rubuta, kada ki dogara da kunne. Ki ja layi a tsakiyar takarda, kowane ɓangare da nasa gefen. Duk hujjar da aka kawo ki duba abu uku: me aka yi iƙirari, wane dalili aka bayar, wane misali ya tallafe shi. Idan ɗaya ɓangaren ya amsa ta, ki ja kibiya zuwa amsar. Hujjar da ta kai ƙarshe ba kibiya tana nan a tsaye, ko da ke a ranki ba ki yarda da ita ba.

Mu ɗauki maudu'in da aka saba, makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. A ce ta farko a masu goyon baya ta ce kwana ta fi tarbiyya, ta fi ba da lokacin karatu, ta kuma fi arha tunda babu kuɗin mota. Murya kamar a rediyo, amma ba ta faɗi ta yaya ba. Ta farko a masu suka tana in'ina, idonta a ƙasa, sai dai ta lissafa kuɗin abinci, katifa da kayan komawa makaranta kowane zango, ta nuna sun ninka kuɗin mota. Ta biyu a masu goyon baya ta zubo haddarta kamar ba a yi wannan magana ba. Alamar hadda ke nan: jawabin da zai fito iri ɗaya ko da ɗaya ɓangaren bai zo zauren ba. Ta ukunsu kuma ta ce ai abu mai kyau dole ya yi tsada, wato ta rushe maganar arha da 'yar'uwarta ta gina. A nan ake kama rashin haɗin kai, ba a anko ko tafa wa juna ba.

Ni zan ba masu goyon baya hujja 22, raddi 8, salo 18, haɗin kai 4, jimla 52. Masu suka kuwa 28, 22, 11 da 8, jimla 69. Zaure zai yi gunaguni, amma kibiyoyinki suna kan takarda.

A gidan salo ma, ki auna ko ana jin ta daga bayan zaure, ko tana kallon mutane, ko ta tsaya da aka kaɗa ƙararrawa, ko ta mutunta abokiyar karawarta. Kuskuren nahawu ba ya cin maki sai in ya ɓatar da ma'ana. Kowane alƙali ya kammala lissafinsa shi kaɗai kafin a tattauna. Bayan sanarwa ki ɗauki minti biyu ki faɗa wa zaure hujjar da ta raba gardama, takardun kuma ki miƙa su ofishin shugabar makaranta saboda mai zuwa ƙorafi.