Ɗinki ko sari: wanne ya fi sauƙi?

«Ina ɗinka jallabiya a Omdurman ta ƙasar Sudan, kowace tana cin fam 9,000. Wani zai sayar min a 8,000. In daina ɗinki?»

Malam, kada ka yi gaggawa, fara warware 9,000 ɗin nan. A ce yadi da zare 5,000 ne, ladan tela 2,000, sauran 2,000 kuma kason hayar shago da tsufan keke. Haya za ka biya ko ka ɗinka ko ka saro, tunda a shagon kake sayarwa. Kuɗin keke kuwa ya riga ya tafi. Abin da za ka huta biya 7,000 ne kawai, don haka sari zai ƙara maka 1,000 a kowace riga. Sai dai in telan ɗan albashi ne da ba za ka sallama ba, to nasa ma fitar da shi, tazarar ta koma 3,000.