Me ya sa dashbod ɗinmu ke nauyi da zarar an sabunta shi?

Tambaya: Malam, teburin cinikinmu ya kai layi miliyan 40 na shekara biyu, daga rassa 50 da rukunin kaya 20. Kullum da asuba ake sabunta dashbod, amma masu raunin intanet sai su yi ta jira kafin ya buɗe. Mene ne abin yi?

Amsa: Kafin ka ɗora wa intanet laifi, fara gano inda lokacin ke tafiya. Buɗe dashbod ɗin a Chrome, danna F12, ka shiga Network, ka zaɓi rage gudun intanet, sannan ka sake lodawa. Danna buƙatar da ta fi daɗewa ka duba Timing. In jiran amsar saba, wato kwamfutar da ke aiko da bayanan, shi ne ya yi tsawo, lissafi ne ke cin lokaci. In kuwa Content Download ne, kayan da ake turo wa mai kallo ne suka yi yawa: megabait ɗaya a intanet mai gudun kilobit 400 a daƙiƙa yana cin daƙiƙa 20.

Zato na shi ne duka biyun za ka tarar. Yawancin manhajojin dashbod suna ajiye amsar lissafin da suka riga suka yi, su riƙa miƙa wa duk wanda ya zo. Da an sabunta bayanai, waccan ajiyar ta tashi aiki, don haka wanda ya fara buɗewa da safe shi zai jira a bi layi miliyan 40 ɗin, kuma kowane zane da ke shafin da nasa lissafin.

Maganin shi ne a dunƙule teburin tun kafin a wallafa. Tambayi kanka: mene ne mafi ƙanƙantar abin da mai kallo ke dubawa? In bai wuce cinikin rana ɗaya na reshe ɗaya a rukuni ɗaya ba, to kwana 730 sau 50 sau 20 ya ba ka layi 730,000, wannan ma in kowane reshe ya sayar da kowane rukuni kullum. Ka rage nauyin fiye da sau 50 ke nan.

```sql
CREATE TABLE ciniki_rana AS
SELECT CAST(lokaci AS DATE) AS rana, reshe, rukuni,
       SUM(kudi) AS jimla, COUNT(*) AS adadi
FROM ciniki
GROUP BY CAST(lokaci AS DATE), reshe, rukuni;
```

Lura da wannan CAST ɗin. In ka bar lokaci da mintinsa da daƙiƙarsa, kusan kowane layi zai tsaya shi kaɗai, ka sha wahalar banza. Haka ma lambar rasit ko ta mai saye, duk wadda ta shiga GROUP BY ta ɓata aikin. Shafin farko kuwa, in na wata-wata yake nunawa, yi masa nasa teburin: 24 sau 50 sau 20, layi 24,000 kacal.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne matsakaici. Kada ka ajiye AVG a dunƙulallen teburi. A ce reshe ɗaya ya yi ciniki 10, matsakaicinsu 100, wani kuma ya yi 990, matsakaicinsu 20. Dashbod zai haɗa 100 da 20 ya raba biyu, ya nuna 60. Na gaskiyar kuwa shi ne 20,800 a raba da 1,000, wato 20.8. Ba wani gargaɗi da zai fito a allo, lambar za ta zauna lafiya lau har wani ya kai ta taro. Shi ya sa na ajiye jimla da adadi daban, sai a raba su a cikin dashbod.

COUNT(DISTINCT) ya fi wannan taurin kai. Mutumin da ya saya ran Litinin ya dawo Talata, in ka tara na kwanakin, ya zama mutum biyu. Wannan ba ya taruwa, sai dai ka lissafa shi daban a matakin da ake so, na mako ko na wata.

Sai jerin aiki. A fara gina dunƙulallen teburi, a tabbatar ya kammala, sannan a sabunta dashbod, in ba haka ba jama'a za su ga na jiya ko rabin na yau. Ba sai ka sake gina shekara biyu kullum ba. Goge kwanaki bakwai na ƙarshe ka sake lissafa su, saboda cinikin da ke shigowa a makare da kayan da aka mayar. In gyare-gyarenku na kai wata guda, faɗaɗa kwanakin. Kowace safiya kuma a kwatanta SUM(kudi) na babban teburi da SUM(jimla) na ƙaramin. In sun saɓa, a dakatar da wallafawa.

Abu ɗaya za ka rasa, wato duba ciniki ɗaya-ɗaya. Ware masa shafinsa da ke jan babban teburi, wanda ba zai loda komai ba sai an zaɓi reshe da rana.