Na canza sunan @ na tashata ta YouTube, har yanzu ba su ba ni adireshina ba

Tambaya daga Tawa: Salamu alaikum malam. Ni tela ne, ina da tasha ta YouTube inda nike nuna ɗinki. Sunan @ da sunka ba ni da farko @tela4821 ne, ran 3 ga wata na canza shi, ran 5 na sake gyarawa zuwa @dinkin-ader don na farkon akwai kuskure. Yanzu wani wuri ina ganin sabo wani wuri tsoho, ban sani ba ko ya kama. Kuma masu abone sun wuce 100 tun azumi, an ce mini in an kai haka ana ba mutum adireshi mai /c/ amma shiru. So nike in sa a rubuta mini shi bisa allon shago kafin sallar layya. Mi ya faru?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan adireshin mai /c/ da kake jira, irin `youtube.com/c/sunan-tasha`, ba zuwa za ya yi ba, ko masu abone sun kai dubu goma. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, labarin ne ya tsufa. A da haka abin yake, sai tasha ta samu mutum 100, ta kwana 30 da buɗewa, tana da hoton mai ita da hoton bangon sama, sannan a bari ka zaɓi adireshi. Amma tun da YouTube sunka fito da sunan @ a ƙarshen 2022 sunka rufe waccan ƙofa. Waɗanda sunka samu nasu tun da, yana nan yana aiki, shi ya sa har yau kake ganin shi a tsofaffin tashoshi, sabo dai ba a bayarwa. Su kuma bidiyoyin koyarwa na da suna nan ba wanda ya goge su, su ne ke ta ruɗa mutane, nan Yamai ma sati ba ya wucewa ba a yi mini wannan tambaya ba.

Adireshinka ka riga ka same shi tun ranar da ka zaɓi sunan, ga shi:

```
youtube.com/@dinkin-ader
```

Ba ya buƙatar mutum 100, ba ka cika wata takarda, ba ka biyan ko dala. In wani ya ce ka turo jika biyu ya buɗe maka /c/, riƙe kuɗinka ka sayi zare.

To batun ko ya kama. Kada ka duba cikin wayarka inda kake shige da akawun ɗinka, don waya tana riƙe tsohon shafi ta yi ta nuna maka shi, balle in rezo na wasa. Buɗe Chrome, ka shiga `navigation privée`, wato shafin da ba ya tuna akawun ɗinka, ko ka ari wayar yaron shagonka, ka rubuta adireshin can sama harafi bayan harafi. In tasharka ta buɗe kuma ƙarƙashin sunan tashar ka ga @dinkin-ader, magana ta ƙare, ya kama. In ya ce shafin babu, to akwai abin da ya fi yawan jawo haka: mutum ya rubuta sunan, ya ga alamar cewa ba mai shi, ya yi murna ya rufe bai adana ba. Alamar nan tana cewa ne kawai sunan yana nan ba a ɗauka ba, ba ta ce ya zama naka ba. A YouTube Studio na kwamfuta sai ka shiga `Personnalisation`, ka duba abin da ke rubuce a `Identifiant`, in ka gyara dole ka danna `Publier` da ke sama hannun dama. Hanya mafi sauƙi ma ka rubuta `youtube.com/handle`, nan take za ka ga sunan da ke kanka yanzu. Ka lura kuma da wane akawun ka shiga, na sha ganin mai Gmail biyu ya canza sunan tashar da ba komai cikinta, ita mai bidiyon tana nan yadda take.

Ganin tsohon suna a wasu wurare ba alamar matsala ba ne. In ka nemi tasharka a Google, ko ka ga ɗan hoton da ke fitowa ƙarƙashin adireshi a WhatsApp, waɗannan kwafi ne da sunka ɗauka tuntuni, sai sun sake zagayowa sannan su sabunta, kuma ba wani maɓalli a YouTube da za ka danna ka hanzarta su. Ban da haka YouTube da kansu suna ajiye maka tsohon sunan kwana 14 ko za ka yi da-na-sani ka koma, cikin kwanakin nan tsohon adireshi da sabo duk tasharka suke kaiwa.

Nan ne nake so ka yi hankali da lissafi. Canji biyu kawai ake yarda cikin kwana 14, kai kuma ka cinye biyun, ran 3 da ran 5. Kenan in yau ka ga wani harafi bai yi maka ba, ba ya gyaruwa, haƙuri za ka yi. Don kada ka yi ta gwadawa a banza ƙirga daga canjin ƙarshe, 5 da 14 sun ba ka 19 ga wata. Shi kuwa @tela4821 ajiyarsa ta fara tun ran 3, wajen 17 ga wata ta ƙare, daga nan wani na iya ɗaukarsa, duk wanda ya danna tsohon adireshin da ka taɓa turawa a gurup ko dai ya tarar da babu ko ya faɗa tashar wani. Bidiyoyinka da ka rarraba ɗaya-ɗaya ba abin da ya same su, adireshin bidiyo ba ruwansa da sunan @. Na tashar ne kawai za ka bi ka sake turawa, ka canza wanda ke Facebook ɗinka da duk inda ka manna shi.

Sunan da ka zaɓa ni ya yi mini. Ƙa'ida harafi 3 zuwa 30 ne, ba a barin fili tsakanin kalmomi, kuma ba a karɓar wanda ya yi kama da lambar waya, wanda ƴan kasuwarmu ke son yi. Ka yi dabara da ka rubuta d maimakon ɗ, don mai neman ɗinkin salla ba za ya tsaya neman harafi mai ƙugiya a wayarsa ba. Babban harafi ko ƙarami duk ɗaya ne, mai rubutun allo na iya sa D da A manya don ya karantu daga bakin titi. Abin da za ka tsare shi a kai shi ne ɗan layin tsakiya. `-` daban, `_` daban, in ya zana shi ƙasa ya zama wani suna. Rubuta mishi a takarda, ka tsaya kansa har fenti ya hau.

In kuma akwai kati ko leda da za ka buga mai lambar QR, kada ka ɗaura ta kan sunan @. Shiga `youtube.com/account_advanced`, za ka ga lambar tasharka mai harafi 24 da ta fara da `UC`, ka ɗora ta bayan `youtube.com/channel/`. Ba ta da kyan gani, ba mai iya haddace ta, amma ko ka canza suna sau goma ita tana nan. Allo ka sa mishi sunan @, QR ka sa mata wannan, kuma ka gwada da wayar wani kafin ka biya mai bugawa.