Fasa shingen buɗe kasuwa: ina za a aje sitof, kuma ƙarfe nawa za a fita?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Daga Gusau nike, ina taɓa hannun jarin Amurka ta waya. Na ga wanga tsarin da suke cewa ORB, in farashi ya fasa saman minti sha biyar na farko bayan buɗe kasuwa sai a saya. Matsalata ina sa sitof, wato odar da ke sayarwa da kanta in farashi ya faɗo, senti goma ƙasa da inda na shiga, kusan kullum sai ya taɓa shi sannan ya tashi ya bar ni, ran da na samu riba kuma ina ganin dala biyar nike gudu. Kuma in dare ya yi ina cikin ƴar asara sai in bari zuwa gobe. Dala dubu biyu gare ni. Mi ya kamata in gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Shigarka ba ta da laifi, fitar ce ba ka tsara ba, kuma a wanga tsari fita ita ce kusan komai.

Mu fara daidaita agogo tukun don nan mutanenmu da yawa ke ruɗewa. Kasuwar New York na buɗewa 9:30 na safe ta rufe 4:00 na yamma agogonsu. Daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba wannan ya zama 2:30 na rana zuwa 9:00 na dare a wurinmu, sauran watannin kuma 3:30 zuwa 10:00, don su suna canza agogo mu ba mu canzawa. Zan yi lissafi da na farkon. To shingenka shi ne abin da farashi ya yi daga 2:30 zuwa 2:45, ka ja layi a inda ya fi hawa, ka ja wani a inda ya fi sauka, cikin wannan mintunan hannunka a aljihu, kallo kawai. Dalilin da yassa anka zaɓi lokacin shi ne duk odar da ta taru cikin dare da labaran da sunka fito kafin a buɗe nan suke karo da juna, awa safiyar ranar kasuwa da dillalai ke ta taya kafin kuɗin buhu ya tsaya.

Yanzu ga misali, lambobin na ƙirƙira su ne don mu yi lissafi. Wani kamfani ya buɗe wajen dala 50. Da 2:45 ta buga saman shinge 50.60, ƙasansa 49.80, wato faɗinsa senti 80. Ni ba ni saye don kawai farashi ya leƙa saman layi, sai kyandir na minti biyar, wato sandar da ke nuna tafiyar farashi a allo cikin mintunan, ya rufe a sama da 50.60 tukunna, don leƙe yana da yawa kuma shi ke cinye masu gaggawa. Ka ce ya rufe, ka samu shiga a 50.70.

Ka duba abin da kake yi da senti gomanka. Wannan hannun jarin cikin kwata ɗin awa ya yi yawo na senti 80 sama da ƙasa ba tare da wani dalili ba, numfashinsa ke nan, kai kuma ka aje sitof a 50.60, daidai kan layin da ya fasa. Farashi kuwa yana yawan dawowa ya taɓa layin da ya fasa kafin ya wuce, masu riba na farko suna sayarwa, waɗanda sunka makara suna jira nan su saya. Kenan ka aje tarko a kan hanyar da ka san zai bi. Sitof ana aje shi ne inda in farashi ya kai to maganar da ta sa ka shiga ta mutu, kuma maganarka ita ce masu saye sun rinjayi shingen safe, ba za ta mutu ba sai ya faɗo ƙasan shingen baki ɗaya. Don haka 49.75, ɗan ƙasa da 49.80.

Na san abin da za ka ce, ai ya yi nisa, asarar za ta yi yawa. A'a, asarar ba nisan sitof ke yanke ta ba, yawan hannun jarin da ka saya ne. Ka fara yanke nawa ka yarda ka rasa a rana, ni shawarata kashi ɗaya cikin ɗari, a dala dubu biyu dala 20 ke nan. Sai lissafi:

```
20 / (50.70 - 49.75) = 20 / 0.95 ≈ 21
```

Guda 21 za ka saya, kuɗinsu dala 1,064.70, sauran kuɗin su zauna. Akwai masu aje sitof a tsakiyar shinge, nan 50.20, ba laifi ba ne amma ka lura, tazarar ta koma senti 50, lissafi zai ba ka guda 40, kuɗinsu dala 2,028, ya wuce abin da ke akawunt ɗinka, kuma za a fi yawan fidda kai. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya kai, abin da ba ni so shi ne yau ƙasan shinge gobe tsakiya jibi yadda zuciya ta raya.

Sai maganar lokacin fita, kuma nan nike so ka natsu. Ka sa 8:45 na dare, minti sha biyar kafin a rufe. In sitof bai taɓu ba, 8:45 ka sayar, ko riba ko asara ko ba komai. Ranaku iri uku za ka riƙa gani. Akwai ranar da zai tashi ya kai 52.10, ribarka 1.40 sau 21, dala 29.40. Akwai ranar da zai juyo ya ci sitof, kuma ka sani odar da ake rubuta wa Stop a allo da zarar an taɓa farashin sai ta koma sayarwa a duk yadda kasuwa take, don haka za ka iya samun 49.65 maimakon 49.75, asara dala 22.05 ba 20 ba. Ita kuma Stop Limit tana hana wannan zamewar amma in farashi ya tsallake iyakarka ba za ta sayar ba sam, ka tsinci kanka riƙe da abu yana ta gangara, shi yassa ni ba ni amfani da ita wajen kare kai. Sai rana ta uku da zai wuni yana lilo ya ƙare a 50.55, ka fita da asarar dala 3.15 ka kwanta.

To mi yassa ba za a ɗauki dala biyar a gudu ba? Yi lissafi da kanka. A ce cikin kwana goma ka ci huɗu ka faɗi shida, wanda ba abin mamaki ba ne a irin wanga tsari don fasawar ƙarya ta yi yawa. Shida sau 20, dala 120 sun tafi. In huɗun nan dala biyar biyar ka ɗauka to 20 ka tara, an ci ka 100. Ko da talatin talatin ka samu 120 ne, ka yi kunnen doki, kuma in buroka, wato dillalin da kake saye ta hannunsa, na cire dala ɗaya a shiga ɗaya a fita to dala 20 ce cikin kwana goman, ka koma asara. Abin da ke ciyar da tsarin shi ne ranakun nan ƙalilan da farashi ke kama hanya ɗaya tun rana har dare ya ba ka 60 ko 80, kuma ba ka da yadda za ka gane su da 3:00, sai an wuni. Wanda ya fita da wuri ya sha duk ranakun wahala sannan ya bar ranar da za ta biya shi. Amfanin tsayayyen lokaci ke nan, yana cire hannunka daga maɓallin sayarwa.

Barin shi ya kwana kuwa, wannan shi ya fi tsorata ni cikin tambayarka wallahi. Odar sitof ta yau da kullum ba ta aiki bayan an rufe kasuwa, kuma kamfanoni da yawa bayan rufewa suke fidda sakamakonsu na wata uku uku. In labarin bai yi daɗi ba gobe ya buɗe a 46 kai tsaye, bai bi ta 49.75 ba balle ya tsaya, asararka 4.70 sau 21, dala 98.70, kusan ta kwana biyar a dare guda, don gudun dala uku. Na taɓa yi a farkon farawata, na ce ai da safe zai dawo, sai da na yi sati uku ina cike ramin.

Ba kullum ake shiga ba kuma. Ka duba ATR na kwana 14 a cat ɗinka, wato zanen farashi, shi ke nuna matsakaicin tafiyar da hannun jarin ke yi a wuni. In ATR dala 2 ne shinge senti 80 da sauran wuri, amma in shingen ya riga ya cinye dala ɗaya da rabi to mafi yawan tafiyar an yi ta, sitof ya yi nisa ribar da ta rage kaɗan, ni wucewa nike yi. Haka in cinikin mintunan farko bai fi na sauran kwanaki ba, babu labari babu taro, fasawar ba ta cika zuwa ko'ina ba. Kuma in 4:30 ta yi bai fasa ba na rufe waya, shiga ɗaya a rana, in an ci sitof shi ke nan sai gobe, ba ramuwa. Ka kula da 3:00 don wasu alƙaluman tattalin arzikin Amurka lokacin suke fitowa, da 7:00 na dare a ranakun da babban bankinsu ke sanar da matsayarsa kan kuɗin ruwa, sau takwas a shekara. In ƙasa ya fasa, masu sayar da abin da ba su mallaka ba suna bi, ni ba ni yi, kuma wannan da ma halaccin kamfanin da za ka saya ka kai wa malamai ka ji ta bakinsu.

Mu nan kuma ga namu, wuta ta ɗauke, netwok ya tsaya, La'asar ta iske ka cikin ciniki. Don haka sitof ɗin da ke cikin kanka ba sitof ba ne, ka sa shi cikin af ɗin a minti ɗin da ka saya, yana can wurin buroka ko wayarka ta mutu. Wasu af ɗin ba su da wannan odar kwata kwata, in naka haka yake to bai dace da tsarin ba. Ka tambaye su kuma sau nawa za ka iya saye da sayarwa rana guda a irin akawunt ɗinka, don tun 28 ga Mayu 2024 kuɗin sayarwa a Amurka washegarin ranar aiki suke kammala shiga. Ka sa alam 8:40, ka aje layin waya na biyu kusa, in Nuwamba ta zo ka maida shi 9:40, kuma washegarin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba kasuwa 1:00 agogonsu take rufewa, 7:00 namu.

Kafin ka sake sa ko dala ɗaya, koma baya a cat ka ɗauki kwana 50 na kamfani guda, ka rubuta a littafi saman shinge, ƙasansa, inda ka shiga, ko sitof ya taɓu, da farashin 8:45, ka cire kuɗin buroka da senti goma na zamewa a kowace. In jimlar ta fito asara a takarda to a wannan kamfanin kada ka yi shi da kuɗi, in ta fito riba ka duba kwana nawa ne sunka kawo ta da kuma sau nawa ka faɗi a jere, in shida ne a jere to dala 120 ce, ka tambayi kanka ko za ka iya shiga ta bakwai da guda 21 ɗin nan ba ƙari ba ragi.